Kurakuran da aka fi yi a saƙon Sinanci zuwa ga ejan kafin a loda kwantena

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin ɗan kasuwa da ejansa na Guangzhou ko Yiwu daga saƙon WeChat ɗaya take farawa, wanda aka rubuta cikin gaggawa ana saura kwana biyu a yi lodi. Sinancin saƙon yakan fita daidai, tafinta ya yi aikinsa. Matsalar ita ce an rubuta lamba ba a faɗi lambar mene ne ba, ejan ya fahimci abu ɗaya, mai kaya yana nufin wani, kuma babu wanda zai gane sai kaya sun isa tasha. Mu ƙaddara wani ɗan kasuwar Kano ya sayi tayil a Foshan, katan 880, zai loda a ƙaramar kwantena daga tashar Nansha zuwa Apapa. Da wannan misalin za mu bi kurakuran.

Babban kuskure a kan nauyi yake. Mutum ya kwafo adadin da masana'anta ta ba shi, ya rubuta 重量 24,640, wato "nauyi 24,640", ya tura. Ejan yana aiki da nauyi iri uku, kuma kowanne da inda yake shiga. Akwai 净重, nauyin tayil tsurarsa ba kwali. Akwai 毛重, nauyin kaya haɗe da duk abin da aka naɗe su da shi. Sai kuma VGM, nauyin kwantenar gaba ɗaya bayan an rufe ta, har da ƙarfen jikinta. Tun ranar 1 ga Yuli, 2016 dokar SOLAS ta ƙasa da ƙasa kan tsaron jiragen ruwa ta hana a ɗora kwantena a jirgi sai an miƙa wannan adadi na uku, kuma alhakinsa yana wuyan wanda sunansa ke kan takardar jirgi a matsayin mai turo kaya.

Ga yadda lissafin yake a misalinmu. Tayil ɗin kowane katan kilo 28 ne, katan 880 ya ba da kilo 24,640. Da kwali kowanne ya zama kilo 28 da rabi, jimla 25,080. An jera su a kan falet 20, wato dandamalin katako da ake ɗora kaya a kai, kowane falet kilo 20, an ƙara 400, nauyin kaya ya kai 25,480. Kwantenar kanta tana da nata nauyi, a ce kilo 2,230, don haka VGM ya tsaya a 27,710. Tsakanin adadin da ɗan kasuwarmu ya fara turawa da wanda sikelin tasha zai nuna akwai sama da tan uku. In ejan ya ɗauki na farkon ya cika takardu da shi, to ranar da mota ta hau sikeli a ƙofar tasha za a ga bambancin, a ce a sake takardu, a biya kuɗin gyara, wani lokaci ma jirgin ya tafi ya bar kwantenar. In kuma ta wuce a haka, takardar jirgi ta saɓa da jerin kaya da Form M, takardar shigo da kaya Najeriya, sai a zo ana bayani a gaban kwastan a Legas, kuɗin jinkiri yana hawa kullum.

Gyaran ba wuya. Kowane adadi a rubuta sunansa a gabansa, a kuma rubuta ma'auninsa a bayansa. A nan ma akwai rami: 公斤 shi ne kilo, amma 斤 kaɗai rabin kilo ne, kuma 'yan kasuwar Sin da shi suke magana a baki. Harafi ɗaya ya faɗi, nauyi ya ragu rabi. Wanda bai yarda da idonsa ba ya rubuta KG kawai, duk ejan ya san shi. Nauyin kwantena kuwa kada a yi hasashensa, domin ko kwantena biyu masu girma ɗaya ba lallai nauyinsu ya zo ɗaya ba. Yana rubuce a jikin ƙofa a layin da aka sa TARE, sama da shi akwai MAX GROSS, wanda a yawancinsu 30,480 KG ne. Ka ce direba ya ɗauko hoton ƙofar da zarar ya karɓi kwantenar, lambarta ta fito sarai a hoton.

Kada kuma wannan 30,480 ɗin ya ruɗe ka. Iyakar ƙarfen ne kawai. Kamfanin jirgi yana da tasa iyakar, kuma da yawansu suna ɗora ƙarin kuɗi a kan ƙaramar kwantena in ta wuce wani nauyi, abin da ake kira 超重费. Mai tayil ko ƙarfe ko batir ya tambaya tun kafin a ba shi farashi: 限重多少？有没有超重费？ Wato nawa ne iyakar nauyi, kuma akwai kuɗin wuce iyaka? Mai takalma da jakunkuna ba wannan ne damuwarsa ba, shi wuri ne zai ƙare masa kafin nauyi. Abin da zai kiyaye shi ne kada ya rubuta "babbar kwantena" ya yi shiru, domin 40GP, ta yau da kullum, tana cin kusan CBM 58 ne, wato kubik mita 58, 40HQ kuma mai ƙarin tsayi kusan 68. A rubuta lambar nau'in yadda take.

Sai ɗaurin kaya. Abin da aka saba rubutawa shi ne 包装好一点, "a ɗaure da kyau". Ejan zai amsa da to, ma'aikatan sito su yi abin da suka saba, kuma ba ka da bakin magana in kaya sun fashe, tunda ba ka nemi komai takamaimai ba. Faɗi abin da kake so da sunansa: 纸箱 kwali ne, 编织袋 buhu, 托盘 falet, 木箱 akwatin katako, 缠膜 kuma naɗewa da leda. A Guangdong za ka ji suna ce wa falet 卡板, abu ɗaya ne.

Katako shi ne inda ake yawan faɗawa. Duk falet ko akwatin da aka yi da ɗanyen katako yana ƙarƙashin ƙa'idar ISPM 15: sai an gasa shi ko an yi masa hayaƙin kashe ƙwari, an buga masa hatimin IPPC a gefe. Falet na filawud ba ya buƙatar wannan, shi ya sa ake kiransa 免熏蒸. Wanda ya rubuta 托盘 kawai ya bar wa masana'anta zaɓi, ita kuma mai araha za ta ɗauka. Ni dai shawarata ga mai ƙaramin kaya ya nemi na filawud ya huta, in kuwa nauyin kayan ya tilasta katako, to ya nemi hoton hatimin kafin a rufe ƙofa. Kuma a tuna falet yana cin wuri yana ƙara nauyi, don haka duk wanda ya sauya shawara daga zuba katan a ƙasa zuwa jerawa a falet sai ya sake lissafin 毛重 daga farko. Alamar da ake bugawa a jikin katan, 唛头, ita ma a turo hotonta. Ga mai haɗa kaya da wasu a kwantena ɗaya, ita kaɗai ce ke raba katan ɗinsa da na maƙwabcinsa a ranar sauke kaya.

A wajen kuɗi, kuskuren farko shi ne rubuta adadi ba a faɗi kuɗin wace ƙasa ba. Kuɗin jirgi yawanci da dala ake faɗarsa, 美元, amma kuɗin mota da na kwastan ɗin Sin da na tasha da na takardu da yuwan ake lissafa su, 人民币. A raba su layi biyu, a kuma ce 请列明细, a jero kowanne daki-daki. In ejan ya ce farashinsa 全包, ya haɗa komai, tambaye shi ko ya haɗa da 目的港费用, kuɗaɗen tashar da za a sauke. Sau da yawa "komai" ɗinsa a bakin tekun Sin ya tsaya. Haka nan a bayyana ko kuɗin jirgi 预付 ne, an biya a can, ko 到付, a biya in kaya sun iso, domin abin da za a buga a takardar jirgi ke nan.

Kafin alƙalami yana da nasa tarko. Kalmomi biyu ne ake furta su iri ɗaya sak, 定金 da 订金, don haka a saƙon murya ba za ka taɓa bambance su ba. Ta farkon tana da hukunci a dokar farar hula ta Sin da ta fara aiki a 2021: in wanda ya biya ne ya fasa, kuɗinsa sun tafi, in wanda ya karɓa ne ya saɓa, zai mayar ninki biyu, kuma abin da ya haura kashi 20 cikin ɗari na cinikin ba ya shiga wannan hukunci. Ta biyun ana ɗaukarta a matsayin kuɗin da aka fara bayarwa kawai. In ɗaure juna kake so, rubuta ta farkon da saninka. In ba haka ba, rubuta 预付款, ka kauce wa duka biyun. Cikon kuɗin kuma a ɗaura shi da abin da ake iya gani. "Bayan lodi" ba lokaci ba ne, amma "bayan jirgi ya tashi na ga kwafin takardar jirgi" lokaci ne da ba a musu a kansa.

In aka haɗa duka, saƙon ɗan kasuwarmu zai fito kamar haka:

```
王经理您好，请确认：
1. 1×20GP整柜，南沙到APAPA
2. 瓷砖880箱，20托，胶合板托盘（免熏蒸），缠膜打带
3. 净重24,640公斤，毛重25,480公斤（含托盘）
4. 提柜后请发柜门照片，VGM=毛重+柜重
5. 海运费____美元，预付；本地费用____人民币，请列明细
6. 装柜前付30%预付款，开船后见提单副本付尾款，付清后电放
请逐条文字回复确认。
```

An buɗe da sunan gidan ejan da muƙaminsa, haka ake girmama mutum a can. Layi na shida ya ƙare da 电放, wato da zarar an gama biya a saki kaya ta waya ba sai an aiko takardar asali ba, kuma shi ma yana da ɗan kuɗinsa da ya kamata ya fito a jerin layi na biyar.

Layin ƙarshe yana neman ejan ya amsa kowace lamba a rubuce, kuma a nan mutane da yawa ke sakin jiki da wuri. Amsar 收到 ma'anarta "na samu", 好的 kuma "to" ce irin wadda ake yi wa kowane saƙo. Ba ɗaya daga cikinsu da ke nuna ya duba adadin ya yarda. Abin da kake jira shi ne 确认 tare da adadin a maimaice, ko ya turo takardar neman gurbi a jirgi ka gwada lambobinta da naka. In ya amsa da saƙon murya, ka roƙe shi ya rubuta. Agogon Sin yana gaban na Najeriya da Nijar da awa bakwai, saƙon da ka tura bayan azahar ya tarar an tashi daga ofis, don haka ka tambayi ranar da ake rufe karɓar VGM, 截VGM时间, ka tura naka da sassafe aƙalla kwana biyu kafin ta.