Yadda mai ƙaramin shago zai gane ainihin nawa ƙwai ɗaya ya tsaya masa

Kuɗin da ka biya a wurin sari ba shi ne kuɗin kaya ba. Kafin kaya su isa hannun mai saye sun ci kuɗin mota, wasu sun lalace, sun kuma ci lokacinka. Bari mu bi lissafin da ƙwai, tunda ana ƙirga shi ɗaya-ɗaya, kuma ba ya ɓoye ɓarnarsa. Farashin da ke nan misali ne, sai ka sa na kasuwarku.

A ce ka saro kiret 10 a kan naira 5,000 kowanne. Kiret ɗaya ƙwai 30 ne, ke nan ƙwai 300 a kan 50,000, kowanne ya kama wajen naira 167. Idan ana sayarwa 200 a unguwa, sai mutum ya ɗauka ribar 10,000 na jiransa.

Matakin farko, rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka tun daga barin gida har ka sauke kaya. Kuɗin zuwa 500, adaidaita sahu da ta dawo da kai da kayan 1,500, ɗan dako 300, ledar ƙulli 200. An samu 2,500, jimla ta koma 52,500. In tare da wasu kaya ka ɗauko, kada ka raba kuɗin motar bisa tsadarsu. Raba shi bisa wurin da kowanne ya cinye, domin direba girman kaya da nauyinsu yake dubawa. Kiret 10 kan tare kujera guda, tunda ba a ɗora masa buhu a kai.

Mataki na biyu shi ne inda aka fi yin kuskure. Da adadin da ka sayar za ka raba, ba da wanda ka saro ba. Ka ajiye takarda kusa da kiret, duk wanda ya fashe ko ya ruɓe ka ja layi. A ce 12 sun fashe tsakanin gargadar hanya da hannun yara, 5 sun ruɓe, 3 kuma aka shiga da su gida aka soya. Waɗannan ukun ma a rubuta su, don ba su kawo ko kwabo ba. Saura 280. Raba 52,500 gida 280, ka ga ƙwai ya hau kusan naira 188. Mai ɗan tsagu da ka karyar wa mai shayi, cire abin da ya ba ka daga jimlar kafin ka raba.

Kada ka yanke hukunci da sari guda. Ɓarnar lokacin hunturu daban take da ta bazara: a zafin Maris zuwa Mayu ƙwan da ya daɗe a shagon kwano saurin lalacewa yake yi. Wanda kake shakka, saka shi a kofin ruwa. In ya taso sama, ya tashi aiki. Ƙirga sari uku ko huɗu, ka ɗauki tsaka-tsakinsu.

Na uku, lokacinka. Mutane da yawa kan ce ai shagona ne, wa zan biya? To tambayi kanka nawa za ka ba yaron shago in shi zai zauna. A ce 3,000 a yinin awa 10, wato 300 a awa. Sammakon sari kafin buɗe shago ya ci awa 3, ka rubuta 900. Zaman shago kuwa ba ƙwai kaɗai kake yi wa ba, don haka kasonsa za ka ɗora masa. In cinikin shago 40,000 ne a rana, na ƙwai 8,000 a ciki, kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Kayan sun ƙare a kwana 7, ladan zama 21,000, kason ƙwai 4,200. Lokaci gaba ɗaya ya tashi 5,100.

Yanzu haɗa: 52,500 da 5,100 sun ba da 57,600. Raba gida 280, ƙwai ɗaya ya tsaya maka kusan naira 206. A farashin 200 kuɗin da ya shigo 56,000 ne. Uwar kuɗi ta dawo, amma ladanka ya yi giɓin 1,600, kuma ba a taɓa maganar haya da wuta ba, waɗanda su ma da wannan kason ɗaya cikin biyar ake ɗora su.

In maƙwabta ba za su bari ka ƙara farashi ba, koma kan layukan lissafin. Ku haɗa mota da wani mai shago, ka ɗaure kiret da igiya da kwali a sama da ƙasa, sannan a bazara ka saro abin da zai ƙare cikin kwana huɗu maimakon bakwai, muddin ƙarin kuɗin mota bai fi ɓarnar da ka rage ba.