Darasi na Bakwai: Sabon Layi da Tsoffin Hirarrakin WhatsApp

Hirarrakinku na WhatsApp ba a cikin katin layi suke ba, a cikin wayar suke. Shi ya sa idan kun cire tsohon layi kuka sa sabo, za ku ga komai yana nan, saƙo yana shiga yana fita. A nan ne mutane da yawa suke sakankancewa, alhali asusun yana ɗaure da tsohuwar lamba.

A ce wata mai sayar da atamfa ta sayi sabon layi, ta ajiye tsohon a aljihun tebur. Bayan wani lokaci kamfanin waya ya sake sayar da lambar ga wani, tunda an daina amfani da ita. Ranar da mutumin ya buɗe WhatsApp da lambar, za a fitar da ita daga asusunta. Ba zai ga tsoffin hirarrakinta ba, amma duk mai neman atamfa ko mai turo shaidar biyan kuɗi, wajensa saƙon zai je.

Ga abin da ya kamata ta yi tun ranar farko. Ta sa sabon layin a waya, ta tabbatar yana karɓar saƙon tes. Ta buɗe WhatsApp, ta shiga Settings, sai Account, sai Change number. Ta rubuta tsohuwar lamba a sama, sabuwa a ƙasa. Za ta ga Notify contacts, inda za ta zaɓi waɗanda za a sanar wa. Su kuwa gurup-gurup, ko ba ta zaɓa ba za su gani. Daga nan za a turo lambobi 6 zuwa sabon layin, ta shigar da su. Kada ta karanta wa kowa su, ko da ya ce daga kamfani yake.

Shi ke nan, hotonta da sunanta da gurup-gurup sun koma sabuwar lamba, hirarraki suna nan a wayar, an kuma rufe asusun tsohuwar lambar. Ko tsohon layin ya ɓata ana iya yin wannan, matuƙar WhatsApp yana buɗewa a wayar.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne goge WhatsApp a sake sauke shi da sabuwar lamba. Wannan sabon asusu ne fayau, ajiyar hirarrakin tsohuwar lamba ba za ta dawo a kansa ba.

Idan har da wayar za a sauya, a fara sauya lambar a tsohuwar waya. Sannan a shiga Settings, Chats, Chat backup, a danna Back up. A sabuwar waya a sa adireshin Google ɗin da aka yi Back up da shi a tsohuwar waya, a yi rajista da sabuwar lamba, a danna Restore.

Aikin aji: kowa ya shiga Settings, ya taɓa sunansa, ya duba lambar da ke ƙasa. Ita ce ta layin da ke wayarku yanzu?