Yadda za ka hana manhajar zana hoto ɓata maka sunan kaya a jikin kwalba ko kwali

Duk wanda ya taɓa sa manhajojin AI masu zana hoto irin su Midjourney ko Stable Diffusion su zana masa kwalin sabulu ya san abin nan, hoto ya fito tas kamar a sitidiyo aka ɗauka, amma da ka duba sunan kayan sai ka ga an ninka harafi ɗaya, an haɗiye wani, can ƙasa kuma wasu ƙananan layuka ba boko ba ajami ba. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: mai sana'ar yaji tana son hoton talla na kwalbarta, sunan kayan YAJIN ƘAUYE.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne manhajar nan ba buga rubutu take ba, zana shi take yi. Yawancinsu daga dishi-dishi suke farawa suna ta gogewa har hoto ya fito, harafi a wurinsu siffa ce kawai irin ta ganye ko murfin kwalba. To ganye in ya ɗan karkace babu wanda zai kula, amma E in ta rasa sanda ɗaya ta koma F, kowa ya gani. Sannan umarnin da ka rubuta ba harafi-harafi yake isa gare ta ba, ana yanka shi gutsure-gutsure ne a mai da kowane gutsure lamba, don haka sau da yawa ta san wace kalma ake nufi amma jerin haruffan cikinta bai zauna mata daram ba. Kalmar Turanci da ta sha gani a allunan shaguna tana iya dacewa, "yajin" kuwa cinta kawai za ta yi.

Ƙananan rubutu matsalarsu daban ce. Stable Diffusion da ya fito a 2022 yana matse hoto mai fiksel 512 a kowane gefe ya koma 64 kafin ya fara aiki, wato an rage shi ninki 8. Harafin da tsayinsa fiksel 10 ne kusan ɗigo ɗaya ya rage masa a can ciki, ta ina zai fito daidai? Shi ya sa jerin kayan haɗi da adireshi kullum su ne suke zama shirme. Sababbin da suka biyo baya irin su Ideogram da DALL-E 3 a 2023 da Flux a 2024 sun fi iya rubutu sosai, ba musu, amma har yanzu da rubutun ya ƙanƙance ko ya yi yawa za ka fara ganin tuntuɓe. Mu kuma namu ya fi muni saboda ƙ da ɗ da ɓ ba su da yawa a hotunan da aka koyar da su, galibi Ƙ ɗin nan K za ta dawo ko ta zama wani abu mai kama da R.

Mataki na farko, ka raba rubutun lebul ɗin gida biyu tun kafin ka buɗe manhaja. Gida ɗaya sunan kaya kaɗai, kalma biyu ko uku. Ɗaya gidan sauran duka, nauyi, kayan haɗi, lambar waya, ranar lalacewa, lambar NAFDAC, lambar nan mai zane-zane da ake haskawa a kanti. Wannan gida na biyu kar ma ka bari manhaja ta taɓa shi ko da wasa, don in ka ce ta sa lambar rajista ƙirƙiro maka wata za ta yi mai kama da ta gaske, ka buga a sitika ka jawo wa kanka magana da hukuma.

Na biyu, rubuta umarnin yadda sunan zai fita daban. Ka sa shi cikin alamar zance, ka kawo shi farko-farko kar ka binne shi a ƙarshe, ka faɗi inda zai zauna da cewa babba ne, haruffa masu kauri marasa ƙawa. Midjourney tun fitowar zubi na 6 a ƙarshen 2023 da alamar zancen nan yake gane abin da za a rubuta. Dalilin kawo shi farko kuwa, tsofaffin Stable Diffusion gutsure 77 kawai suke ɗauka a zubi ɗaya, abin da ya zo can baya yana iya rasa ƙarfi ko a yanke shi. Da Turanci suka fi jin magana, ga yadda na mai yaji zai kasance:

```
Flat white label with large bold text "YAJIN KAUYE", front view of a glass spice jar, plain background, no other text
```

Ka lura K na sa ba Ƙ ba, da gangan ne, gara ta ba ka K mai tsafta ka gyara daga baya da ta ba ka ƙugiyar da ta lanƙwasa harafin gaba ɗaya. Kuma na ce daga gaba aka ɗauka, lebul a shimfiɗe. In ka nemi kwalba a karkace, ko rubutu mai zagaye murfi, ko leda mai sheƙi da ta yamutse, ka haɗa mata aiki biyu ne, ga tsara haruffa ga lanƙwasa su, kuma haruffan ne za su sha wuya. Rubutun hannu mai jan wutsiya shi ma a ajiye shi.

Na uku, fitar da hotuna da yawa ka zaɓa, kar ka tsaya gardama da guda ɗaya. Wajen dubawa ka zuƙo hoton ka karanta harafi ɗaya-ɗaya daga ƙarshe zuwa farko, E, Y, U, A, K, saboda in ka karanta yadda aka saba ido da kansa yake cike gurbi, YAJIIN zai wuce ka ba ka sani ba. Ka leƙa murfi da gefen kwalba ma, nan take ɓoye rubutun da ba wanda ya aike ta.

Na huɗu, in hoton ya yi kyau harafi ɗaya ne ya ɓaci, kar ka sake komai daga tushe. Yawancin manhajojin suna da wurin da za ka shafe ɓangare ɗaya a sake zana shi kaɗai, a Stable Diffusion sunansa `inpaint`. Shafe kalmar gaba ɗaya ba harafin kawai ba, in ba haka ba sabon harafin zai fito da kauri daban da 'yan uwansa.

Amma ni dai in aikin na kuɗi ne, wanda za a kai wa mai buga sitika, ba na ba manhaja ko harafi ɗaya. Kwalba mai lebul fari fat nake nema:

```
glass spice jar with a blank white label, front view --no text, letters, logo
```

Wannan `--no` ɗin na Midjourney ne, da shi ake lissafa abubuwan da ba a so su fito a hoton, a Stable Diffusion akwatin `negative prompt` za ka zuba su. Daga nan sai ka kai hoton manhajar gyaran hoto irin su Canva ko Photopea ko GIMP ka ɗora YAJIN ƘAUYE da hannunka, sai dai ka gwada salon rubutun tukuna don ba kowanne ne yake da haruffa masu ƙugiya ba, wani salon akwati kawai zai nuna maka a wurin Ƙ, wani kuma ya aro ta daga wani salon ta fito siririya a tsakiyar masu kauri. Noto Sans da Andika duka suna da su.

Tambari ma haka, in kasuwancin yana da nasa tun da, kar ka kwatanta wa manhaja shi da baki kana jiran ta fito da shi sak, kullum sai ta canza wani abu, yau barkonon ya kalli dama gobe hagu. Ka ɗauko ainihin fayil ɗin mai bango a fayau ka ɗora, in kwalbar mai zagaye ce ka ɗan lanƙwasa shi ka rage haskensa kaɗan ya bi inuwar gilashin, in ba haka ba za a gane liƙawa aka yi.