Darasi: Yadda Ake Rubuta Take da Bayanin Bidiyon Gwajin Waya

Bayan kun ɗora bidiyo a YouTube, akwai gurabe uku da ake cikewa: Title, Description da Tags. Abin da aka rubuta a cikinsu yana taimaka wa manhajar ta gane batun bidiyon, ta nuna wa mai neman sa. Za mu yi aiki da misali ɗaya: gwajin Samsung Galaxy A15, tare da kwatanta ta da Redmi 13C.

Take

Gurbin take yana ɗaukar harafi 100, amma a allon waya ana yanke ƙarshen take mai tsawo. Don haka sunan wayar ya zo a farko, kuma a rubuta shi yadda yake a jikin kwali. Mai son sayen waya yakan rubuta sunaye biyu da vs a tsakani, ko da Hausa yake magana. Sai ku ba shi abin da ya rubuta:

```
Samsung Galaxy A15 vs Redmi 13C: Wacce Ta Fi? Kyawu da Aibi
```

A kula da ƙaramar wutsiyar da ke bayan suna. A15 mai 4G tana aiki da processor, wato ƙwaƙwalwar waya, mai suna Helio G99, mai 5G kuwa Dimensity 6100+ ce a cikinta. Wayoyi biyu ne daban. Idan kun sa 5G a take alhali mai 4G kuka gwada, wanda ya shigo zai gane cikin minti ɗaya ya fita. Za ku ga alamar hakan a YouTube Studio: masu dannawa da yawa, amma layin masu kallo ya faɗi tun daga farko.

Bayani

Nan aikin yake. Gurbin yana ɗaukar harafi 5,000, sai dai layukan farko kaɗai ake gani kafin a danna don buɗe sauran. Kada a ɓata su da gaisuwa da roƙon a bi tasha. A faɗi hukunci kai tsaye: wa wayar ta dace da shi, wa ba ta dace da shi ba. Misali: "A15 ta fi kyan allo da saurin caji, 13C ta fi girman allo, amma hotonsa bai kai kaifin na A15 ba."

Daga nan sai siffofin wayar, da alamominsu yadda ake neman su:

```
A15: 6.5" Super AMOLED, 90Hz, Helio G99, 5000mAh, 25W
13C: 6.74" IPS LCD, 90Hz, Helio G85, 5000mAh, 18W
```

Lambobi kaɗai ba su ishi mai saye ba. Batirin duka biyun 5000mAh ne, to me ya bambanta su? Ƙarfin caji, 25W da 18W. Amma wannan saurin sai an samu kan caja mai ba da shi, kuma a kasuwanni da dama kwalin A15 ba ya zuwa da kan caja. Wannan aibi ne da ke cin kuɗin mai saye, dole ya fito a rubuce.

Wurin da aka fi yin rufa-rufa shi ne RAM. Za ku ga talla ta ce 8GB+8GB. Rabin na biyu aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma bai kai na ainihi sauri ba. A rubuta na ainihin, a faɗi na aron daban. Haka ma kowane aibi: a faɗi yanayin da aka gan shi. "Kamara ba kyau" zance ne kawai. "Hoton dare yana dishi-dishi idan babu fitila" shi ne abin da mutum zai iya gwadawa da kansa. Farashi kuma a haɗa shi da wata da shekara, domin kuɗin waya ba ya zama wuri ɗaya. Idan kamfani ko shago ne ya biya ku, a faɗa a fili, a kuma danna akwatin paid promotion.

A ƙasa sai a raba bidiyon kashi-kashi. Na farko dole ya fara da 0:00, kashin su kai uku, kowanne bai gaza daƙiƙa 10 ba. In an saɓa ɗaya daga ciki, rabon ba zai bayyana ba.

```
0:00 Hukunci
1:10 Allo da batir
4:30 Aibin kowacce
```

Tags

Nan ake sa kalmomin neman bidiyon, amma kada wannan ya cinye muku lokaci. YouTube da kanta ta ce tasirinsa kaɗan ne, ya fi amfani ga sunan da mutane ke kuskuren rubutawa, kamar Samsun A15 ko Readmi 13C. Cusa sunan iPhone a bidiyon da bai taɓo ta ba yaudara ce, kuma ƙa'idar dandalin ta hana.

Aikin gida

Ku ɗauki wayar da ke hannunku, ku shiga Settings, ku kwafe cikakken sunanta daga About phone, ku kuma nemo yawan RAM ɗinta. Sannan ku rubuta take ɗaya da bai wuce harafi 60 ba, da kyawu biyu da aibi biyu, kowanne da yanayin da kuka gan shi.