Darasi na Tara: Yadda Ake Duba Lissafin Gadon Jini

Wata yamma a ajinmu na manya da ke Tudun Wada, Kaduna, wata Hajiya ta zo da takardar ɗanta na sakandare a naɗe cikin bakin gyale. Tambayar da aka yi masa gajera ce: miji AS ne, mata AS ce, wane irin jini 'ya'yansu za su iya gadowa? Yaron ya cika shafi da lissafi, malaminsa kuma ya ja masa jan biro ba tare da bayani ba. Ta ce, "Malam, ni ba makin ne ya dame ni ba. Yayarsa ce za a kai wa kuɗin aure, an ce su je gwaji, ina so in gane abin da idona." Da takardar yaron za mu yi darasin yau, domin kurakuran da ke cikinta su ne waɗanda kusan kowa ke yi.

Mu tuna tushen tukuna. Kowane mutum yana ɗauke da ƙwayar gado biyu ta sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jininsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ana rubuta mai lafiya da A, ta sikila da S. Saboda haka mutum yakan zama AA, ko AS, ko SS. Mai SS shi ne mai ciwon sikila, wanda ake kira amosanin jini.

Fara da gefen akwati, kada ka fara da ciki

Ana yin lissafin ne a akwati mai gida huɗu, kamar gurbin dara. Abin da uba zai iya bayarwa ana rubuta shi a sama, na uwa a gefe. Wani masani ɗan Ingila mai suna Reginald Punnett ne ya fito da wannan tsari, shi ya sa za ka ga sunansa a littattafan 'ya'yanka. Mai dubawa yakan yi saurin kai ido cikin gidajen, alhali yawancin ɓarna daga gefe take farawa.

Ƙa'idar ita ce: maniyyin namiji ko ƙwan mace harafi ɗaya kacal yake ɗauka daga cikin biyun da mutum ke da su. Uba mai AS ba ya ba ɗansa AS dunƙule. Ko dai ya ba da A, ko ya ba da S. To, a takardar yaron, wajen uba ya rubuta A da S daidai, amma wajen uwa sai ya rubuta AS sau biyu. Da ya haɗa, gidajensa suka fito da haruffa uku uku, AAS da ASS. Na ce wa Hajiya ta sa yatsa a kowane gida ta ƙirga. Tana kaiwa uku ta ɗago kai ta ce, "Ai ɗa uwa ɗaya uba ɗaya gare shi, na ukun daga ina?" Ta kama kuskuren da kanta. Duk gidan da ka ga harafi uku, ko harafi ɗaya tilo, ka koma gefe, can matsalar take. Ga yadda ya kamata akwatin ya kasance:

```
      A     S
A    AA    AS
S    AS    SS
```

Akwai wani nau'in wannan kuskure da ya fi wuyar kamawa, domin gidajen sukan fito da haruffa biyu biyu, tsaf da su. Hannu ne ke sabawa da rubuta A da S a sama, sai a kawo tambayar da uba AA ne, uwa AS, ɗalibi ya sake rubuta wa uban A da S. Nan take SS ya bayyana a gida na huɗu. Amma uban ba shi da S, ina zai samo abin da zai bayar? Ba ka ba da abin da ba ya cikin rumbunka. Nasa A ne da A, kuma amsar gaskiya ita ce gida biyu AA, gida biyu AS, babu SS ko ɗaya. Don haka bayan ka ƙirga haruffa, ka bi kowane harafin gefe ka nemo shi a jikin mai shi.

Kason: a nan ake yawan tuntuɓe

Yaron ya yi wani gwaji na biyu a ƙasan shafi, wannan karon akwatin ya fito daidai. Sai ya duba ya ga iri uku ne, AA da AS da SS, ya rubuta cewa rabon 1:1:1 ne, wato ɗa ɗaya cikin uku zai yi sikila. Iri ya ƙirga, bai ƙirga gidaje ba. AS ya fito sau biyu, domin hanya biyu ake samunsa: A daga uba S daga uwa, ko S daga uba A daga uwa. Amsar ita ce 1:2:1, wato SS gida ɗaya ne cikin huɗu. Hanyar dubawa mai sauƙi ce ƙwarai. Tara lambobin, ka gani ko sun yi daidai da yawan gidaje. 1 da 1 da 1 sun ba da 3, gidaje kuwa 4 ne, ke nan an bar gida ɗaya a baya.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne, shi ne yadda ake fassara "ɗaya cikin huɗu" a gidajenmu. Wani dattijo mai ɗinki a Kasuwar Bacci, ɗan ajinmu, ya ce, "Malam, ke nan in suka haifi uku suka tsaya, sun tsira?" Na ce masa, "Baba, ba layi ake bi ba." Kowane ciki sabon lissafi ne, ba ruwansa da wanda ya gabace shi. Ɗan fari yana iya zama SS, na biyu ma haka. Wasu kuma su haifi biyar babu mai ciwon.

Don a gani da ido, mun tara murafun kwalbar lemo guda huɗu, muka rubuta A a cikin biyu, S a cikin biyu. Muka sa A da S a hular Baba, ita ce uba, muka sa A da S a kwanon sha, shi ne uwa. Mutum ya rufe ido ya zaro ɗaya nan, ɗaya can, a rubuta a allo, a mayar da murafun, a girgiza. Mayarwar nan ita ce zuciyar aikin, domin uba ba ya ƙarar da S ɗinsa don ya ba wa ɗan fari. Ku gwada a gida. In kun yi zara huɗu huɗu a matsayin iyali ɗaya, za ku ga wani iyalin babu SS, wani biyu, wani ma uku. Sai kun yi zara da yawa, kamar ɗari, kafin adadin SS ya matso kusa da kashi ɗaya cikin huɗu.

Lissafi ma ya nuna haka. A cikin iyalai masu 'ya'ya huɗu da iyayensu duka AS ne, waɗanda za su sami mai SS ɗaya cif ba su kai rabi ba, kusan 42 ne cikin 100. Kusan 32 cikin 100 ba za su sami ko ɗaya ba, sauran kuma biyu ko fiye. Ko Gregor Mendel, masanin da ya fara gano ƙa'idojin gado, wanda ya buga sakamakon bincikensa kan waken turawa a 1866, bai sami rabon uku da ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu, cif ba. Ya ƙirga dogayen tsirrai 787 da gajeru 277, kusa da uku da ɗaya. Don haka in ka ga amsa ta ce "ɗa na huɗu zai yi sikila", kuskure ce ko da akwatin ya yi kyau. Abin da ya dace a rubuta shi ne: a kowane ciki, yiwuwar SS ɗaya ce cikin huɗu.

Rinjaye ba ƙarfi ba ne, ba kuma yawa ba

Kuskure na uku a jimlar ƙarshe yake. Yaron ya rubuta cewa A ta rinjayi S, don haka mai AS lafiyayye ne kuma ba zai gadar da ciwon ba. Farkon maganar akwai gaskiya a ciki, ƙarshenta ne ya karkace. Rinjaye yana nufin wace siffa ce ke bayyana a jiki idan ƙwayoyi biyu mabambanta suka haɗu. Ba ya nufin ɗaya ta cinye ɗaya. S tana nan daram a jikin mai AS, kuma rabin maniyyinsa ko ƙwayayenta suna ɗauke da ita.

Nan sai mai dubawa ya koma ya karanta tambayar da kyau. In an ce nawa ne za su yi ciwo, amsar 3:1 ce, uku babu ciwon, ɗaya da shi, domin masu AS galibi ba sa fama da sikila. In kuma an ce a faɗi nau'in jinin, amsar 1:2:1 ce. Akwati ɗaya ne, tambaya biyu. Na sha ganin takardar da lissafinta ya yi daidai daga sama har ƙasa, amma aka ba da amsar wata tambayar daban. A ɗakin gwaji ma S ba ta ɓuya. Idan aka raba sinadarin jinin mai AS da na'ura, A da S duka suna fitowa, kowanne a layinsa, kuma ta haka ake gane mai ɗauke da ita.

Wasu kuma suna zaton mai rinjaye ita ce ta fi yawa a cikin jama'a. Rukunin jini, wanda ake dubawa kafin ƙarin jini, ya ƙaryata wannan. (A kula, A ta rukunin jini daban take da A ta gwajin sikila, haruffan ne kawai suka zo ɗaya.) A da B suna rinjayar O, amma O ne ya fi yawa a Najeriya. Kuma da yake O tana iya ɓuya a bayan A ko B, uba mai rukunin A da uwa mai rukunin B suna iya haifar ɗa mai O, in kowannensu yana ɗauke da ita a ɓoye. Ina jaddada wannan ne domin rashin saninsa yana iya sa a zargi baiwar Allah da abin da ba ta aikata ba.

Aiki

Bayan A da S akwai wata ƙwayar da ake rubutawa C, kuma wanda ya gaji S da C tare, wato SC, shi ma yana da wani nau'in ciwon sikila. An ba wani ɗalibi tambaya: miji AS, mata AC. Ya amsa da cewa, "Tunda matar ba ta da S, babu ɗan da zai yi ciwo, kuma rabon 1:2:1 ne."

Zana akwatin a littafinka. Rubuta abin da mijin zai iya bayarwa a sama, na matar a gefe, ka tabbata kowane harafi yana jikin mai shi. Cika gidaje huɗun, ka ga iri nawa suka fito da sau nawa kowanne ya fito. Sannan ka ja layi a ƙarƙashin wurare biyu da ɗalibin ya kauce. Wanda yake da sauran murafun kwalba ya rubuta C a ɗaya, ya zo da su ranar Asabar.