Yadda Ake Buɗe Fayil ɗin CSV a Excel Ba Tare da Ɓ, Ɗ da Ƙ Sun Dagule Ba

An turo maka amsoshin wani bincike a fayil ɗin CSV, ka danna shi sau biyu, Excel ya buɗe. Inda ya kamata ka ga «ƙofa» sai ka tarar da `Æ™ofa`, «ɗaki» ya koma `É—aki`, «ɓera» kuma `É“era`. Kafin komai, kada ka danna `Save`. A wannan lokacin fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, karanta shi kawai aka yi ba daidai ba. Adanawar ce za ta iya mayar da kuskuren karatu ya zama ɓarna ta gaske.

Me ya sa harafi ɗaya ya koma biyu

Kwamfuta lambobi take ajiyewa a madadin haruffa, kuma akwai tsari fiye da ɗaya na haɗa harafi da lambarsa. A tsarin UTF-8, wanda yawancin manhajojin intanet suke fitar da fayil da shi, ana auna wurin da harafi yake ci da bayit, wato ɗan ƙaramin ma'aunin ajiya a kwamfuta: haruffa irin su a, b da k bayit ɗaya-ɗaya suke ci, amma masu lanƙwasa bayit biyu. Harafin ƙ, alal misali, bayit biyunsa su ne `C6 99`. Shi kuwa CSV tsuran rubutu ne, ba shi da wurin da zai faɗi tsarin da aka rubuta shi da shi. Idan aka danna shi sau biyu, sai Excel ya ɗauki tsohon tsarin da Windows ɗinka yake kai, wanda a kwamfutocin da aka saita da Turanci ko Faransanci shi ne Windows-1252. A can kowane bayit harafi ne mai zaman kansa: `C6` shi ne Æ, `99` kuma ™. Daga nan `Æ™` ya fito.

Shi ya sa dagulewar ba ta canza kama. Kullum ƙ `Æ™` ne, ɗ `É—`, ɓ `É“`, ƴ `Æ´`, Ƙ `Æ˜`, Ɗ kuma `ÆŠ`. Da zarar ka ga Æ ko É tsamo-tsamo a cikin kalmar Hausa, ka san ciwon. In kuwa ɗan akwati ka gani a gurbin harafi, sau da yawa salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da harafin, sai ka sauya zuwa Arial ko Calibri ka duba.

Shigo da shi ta hanyar da ta dace

Rufe fayil ɗin, in Excel ya tambaye ka ko a adana, ka zaɓi `Don't Save`. Buɗe sabon shafi wanda babu komai a ciki, ka je `Data`, ka danna `From Text/CSV`, ka zaɓo fayil ɗin. Taga za ta fito da samfurin layukan farko, kuma a samanta ta hagu akwai `File Origin`. A nan maganar take. Idan ka ga `1252: Western European (Windows)`, ka sauya shi zuwa `65001: Unicode (UTF-8)`. Nan take `Æ™ofa` za ta koma «ƙofa» a idonka. Sai ka tabbatar da haka tukuna ka danna `Load`.

Mai amfani da LibreOffice Calc ya fi samun sauƙi, domin kowane buɗewa sai ya nuna tagar `Text Import`, inda za ka sa `Character set` a kan `Unicode (UTF-8)`.

Idan wasu za ka tura wa fayil ɗin, kuma ka san dannawa sau biyu kawai za su yi, ka rage musu wahala. Buɗe shi da Notepad, ka zaɓi `Save As`, a wajen `Encoding` ka ɗauki `UTF-8 with BOM`. Wannan yana sa bayit uku, `EF BB BF`, a farkon fayil, waɗanda ido ba ya gani amma Excel yana gane UTF-8 da su. Sai dai wasu manhajojin ba su san da zamansu ba, sai ka ga sunan ginshiƙin farko ya fara da `ï»¿`. Don haka na mutum mai buɗewa da Excel a sa masa, na lodawa cikin wata manhaja a bar shi haka nan.

Wajen adanawa ake yin asara

Ka gama aikinka, za ka mayar da shi CSV. A jerin `Save as type` akwai zaɓi biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara: `CSV (Comma delimited)` da `CSV UTF-8 (Comma delimited)`. Na biyun za ka ɗauka. Na farkon da Windows-1252 yake rubutawa, tsarin da babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya a cikinsa, don haka duk inda ya ci karo da su sai ya dasa alamar tambaya. Wannan kam ba ta da magani. Idan ka ga `ba?i`, babu abin da ya rage a fayil ɗin da zai gaya maka «baƙi» ne ko «baɗi», sai dai ka karanta jimlar ka yi hasashe, ko ka nemo asalin fayil ɗin. A ganina neman asalin ya fi, ko da zai ci maka kwana guda. In dole sai ka bi su da hannu, ka rubuta `~?` a wurin nema, domin `?` ita kaɗai a Excel tana nufin kowane harafi, kuma `Replace All` da ita zai share maka shafin gaba ɗaya.

Idan an riga an adana dagulallen

Akwai hali na tsakiya: wani ya buɗe, ya ga `Æ™`, bai damu ba, ya adana a matsayin UTF-8 ko xlsx. Alamarsa ita ce ka zaɓi `65001` amma tarkacen yana nan daram, domin yanzu Æ da ™ sun zama haruffan gaske a cikin fayil ɗin. Ba a rasa komai ba, tunda kowane tagwaye harafi ɗaya tak suke wakilta. Yi kwafin fayil ɗin ka ajiye gefe, danna `Ctrl+H`, ka sa alama a `Match case`, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya: `Æ™` zuwa ƙ, `É—` zuwa ɗ, haka har ƙarshe. Kwafo tarkacen daga cikin shafin, kada ka yi ƙoƙarin buga shi. Kar ka manta da `â€™`, wadda ita ce lanƙwasasshiyar alamar da ke cikin «’ya’ya» da «sana’a».

Babban Ɓ ne mai taurin kai. Bayit ɗinsa na biyu, `81`, ba shi da harafi a Windows-1252, shi ya sa «Ɓarawo» take fitowa kamar `Æarawo`, da wani abu a ɓoye bayan Æ. In kalmar tana gurbin A2, gwada `=LEN(A2)`: idonka zai ƙirga haruffa 6, Excel ya ce 7. Idan Æ kaɗai ka musanya, ɓoyayyen zai zauna, kalmar ta yi kyau a ido amma nema da `VLOOKUP` su kasa samunta. Ka bar shi sai ƙarshe, ka cire su tare a sabon ginshiƙi da wannan dabarar, inda 129 yake nufin wancan ɓoyayyen `81`:

```
=SUBSTITUTE(A2,"Æ"&UNICHAR(129),"Ɓ")
```

Ja dabarar zuwa ƙasan ginshiƙin, ka kwafe sakamakon, ka liƙa shi a kan na asali da `Paste Special` sannan `Values`. Daga nan ka nemi Æ da É a shafin gaba ɗaya. In babu ko ɗaya, ka adana da `CSV UTF-8`, ka rufe, ka sake buɗewa ka duba layi biyu ko uku masu ƙ da ɗ kafin ka tura wa kowa.