Kurakuran da muka fi yi wajen sauke mara lafiya daga maganin benzo

Gaskiya yawancin mu likitoci ba mu ne muka ɗora mutum kan benzo, wato magungunan rage fargaba da sa barci, ba, gadonsa muka yi. Ka buɗe fayil ka ga lorazefam ko diyazefam shekara shida, shekara goma ana ta sabunta takarda, sai zuciya ta ɗebe ka ka ce yau za a gyara. Toh a wajen gyaran nan ne ake ɓarna.

Na farko kowa ya san shi amma har yanzun ana yi, wato a tsayar da maganin lokaci guda, ko a ce sha rabi sati ɗaya sannan ka daina. Ƙwaƙwalwar da ta yi watanni tana samun wannan magani ta riga ta sake saiti a kansa, birkinta, wato sinadarin GABA mai kwantar da ita, ya yi laushi, in ka zare maganin farat ɗaya abun da zai iya biyo baya shi ne jijjiga da ruɗewa, wani har rai. Kuma ba sai mai shaye-shaye ba, wanda ya bi takardarka sau da ƙafa ma jikinsa ya saba. Ƙin sabunta takarda shi ma yankewa ne, ko da ba ka kira shi haka ba.

Amma kuskuren da na fi so mu tsaya a kai shi ne na lissafi. Ka'idar da aka fi bi ita ce a rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk sati 2 zuwa 4, kuma kason nan daga abun da mutum yake sha yanzu ake cire shi, ba daga inda ya faro ba. Miligiram 2 daga 20 kashi 10 ne. Miligiram 2 daga 6 kuwa sulusin maganin ne gaba ɗaya. A takarda ragin iri ɗaya ne, a jiki ba haka ba, dan ƙananan dos ɗin nan su ne ke riƙe da kaso mai yawa na aikin maganin, shi ya sa gangarar ƙarshe ta fi wuya.

Ni kaina na faɗa ramin nan. Wata mata ce mai shekara 58, tana shan lorazefam miligiram 1 safe da dare shekara 8. Lorazefam ba ya daɗewa a jini, awa 10 zuwa 20 rabinsa ya fita, kuma ƙwayar tana da ƙarfi ga ƙanƙanta, yanka ta ƙanana-ƙanana aiki ne. Sai muka koma diyazefam, wanda shi da abun da hanta ke mayar da shi suna kwanaki a jiki, ga shi akwai ƙwayar 2 da 5 da 10 har da na ruwa. Lissafin da na yi amfani da shi, lorazefam 0.5 ya yi kusan diyazefam 5, kenan tana kan kusan 20 a rana. Ban canza duka rana ɗaya ba, na fara da na dare, duk sati mu cire lorazefam 0.5 mu sa diyazefam 5, sati 4 muka gama. Masu canzawa duka lokaci guda su ne mara lafiya ke dawo musu ko dai yana layi dan barci ko yana karkarwa, dan lissafin nan kiyasi ne kawai, jiki da jiki ya bambanta.

Har nan lafiya lau. Muka fara 20, 18, 16, 14, duk sati biyu, tana ta murna ni ma ina murna, sai na bar jadawalin yana tafiya da kansa. Wajen 8 ta fara ƙorafin barci na ce ta daure. Da muka sauka daga 6 zuwa 4, kwana tara sai ga ta, ta zauna ta kare ido da hannu daga fitilar ofis, hannun yana rawa, ta ce "Likita ƙarar cokali a kofi ma kaman a cikin kaina ake buga shi, kuma ji nake kaman ba ni ba." Ita ta ɗauka ciwonta na da ne ya dawo, ni ma saura kaɗan in rubuta haka.

Wannan shi ne kuskure na gaba, a ɗauki alamun janyewa a matsayin tsohuwar fargaba ta dawo, sai a ce ai dama ba za ta iya rayuwa babu magani ba. Abu biyu ke raba su. Ɗaya lokaci: janyewa tana bin bayan ragi, mai gajeren zango irin lorazefam ko alfurazolam cikin kwana ɗaya zuwa biyu, diyazefam kuwa yana iya ɗaukar sati ko fiye, har sati 3, shi ya sa in kana ragi duk sati za ka tara ragi biyu kafin na farko ya nuna kansa. Na biyu, alamun da mutum bai taɓa ji ba kafin ya fara maganin, irin ƙin haske da ƙara, ƙugi a kunne, tsikar jiki, tsoka tana zillo. Na tambaye ta ko shekara 8 baya ta taɓa jin haka, ta ce ko kusa.

Gyaran ba wai a koma 20 ba ne. In alamun masu jurewa ne a tsaya a dos ɗin da ake kai har su lafa, in sun yi tsanani a koma matakin ƙarshe da take lafiya a kai. Mun koma 6, muka zauna wata guda, daga nan rabin miligiram duk sati 3 zuwa 4, da muka zo ƙasa da 3 muka koma na ruwa da sirinji dan ragin ya ƙara ƙanƙanta. Daga 6 zuwa sifili ya ci mu fiye da shekara, ya ninka lokacin da muka yi daga 20 zuwa 6 fiye da sau uku. Da na sani tun daga 16 zan koma miligiram 1, daga 10 kuma rabi.

Sai ƙananan kurakuran da ke ɓata aikin a ɓoye. Ba da ƙarin magani "na ko-ta-kwana" a sha in abu ya taso, wannan yana sa yawan maganin a jini ya riƙa hawa da sauka, lissafi ya rikice. Rubuta zofikulon ko zolfidem dan barci, ai gida ɗaya suke aiki da benzo, an canza riga ne kawai, firegabalin ma jiki yana sabawa da shi. Kuma ku tambayi giya kai tsaye, da masu kashe ciwo dangin ofiyod, dan haɗin su da benzo yana danne numfashi.

Kar kuma a mayar da diyazefam dole. Tsoho ko mai ciwon hanta yana taruwa masa a jiki, ya kawo magagi da faɗuwa, irin su gara a rage a kan maganin da suke sha. Wanda ya taɓa jijjiga, ko yake shan dos mai yawa sosai, ko giya ta kama shi, ko mai ciki, wannan a yi shi tare da ƙwararru tun farko. In kuma ana cikin ragi aka ga jijjiga, ruɗewa, gane-gane ko tunanin kashe kai, ba maganar mu haɗu sati mai zuwa ba ce, gaggawa za a tura shi a ranar.